La'ada Kafin Ciniki

Maigidana ya rasu bara, kwana tara bayan sallar layya. Tun daga lokacin masu gaisuwa suke ba ni labarinsa kamar ban san shi ba. Sun ce mai haƙuri ne, bai taɓa ɗaga murya ba, bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Biyun farko gaskiya ne. Na ukun kuwa ba haka ba ne. Ya taɓa kai ƙara sau ɗaya, kuma ni na sa shi. Abin da nake so in rubuta ke nan, tunda waɗanda suka ga lamarin da idonsu duk sun tafi, saura ni.

A shekarar da aka fara aikin madatsar ruwa ta Lagdo muna zaune a Yelwa, cikin Garwa, a ɗaki biyu na haya, da 'ya'yanmu biyu ƙanana. Maigidana direban babbar mota ne. Shekara bakwai ya yi yana bin wani direba kafin ya samu permi, takardar tuƙin manyan motoci, kuma duk cikin danginsu shi ya fara samun irinta. Yana ɗauko shinkafa daga Yaguwa, wani lokaci ya gangara Ngaundare ya ɗauko kayan da jirgin ƙasa ya sauke. Sai mai motar ya sayar da ita ya koma harkar shanu, maigidana ya zauna wata biyar ba aiki. Ni ina ɗinki da keken hannu, da shi muke cin tuwo. Bai taɓa cewa abin yana damunsa ba, amma kullum da safe sai ya ciro permin daga leda, ya duba, ya goge da bakin riga, ya mayar aljihu, ya fita ya zauna a tashar mota har azahar.

Ana nan sai wani mutum ya buɗe ofis a bayan babbar kasuwa, shago ɗaya mai ƙofar kwano da benci biyu a waje. Ya sa an rubuta a allo da Faransanci cewa nan ake ɗaukar ma'aikata. Dogo ne, mai tsabta, yana jin Fulatanci da Hausa da Faransanci, kowa ya zo sai ya amsa masa da harshen uwarsa. Ya ce masu aikin Lagdo suna neman direbobi da magina da lebura, kuma shi suka ba aikin tattaro su. Mutane suna kiransa mai ofis, ni ma haka zan kira shi. Lebura zai ba da sefa dubu biyar, direba dubu ashirin, rabi yanzu rabi in sunansa ya fito. Kuɗin buɗe dosiye, wato fayil, in ji shi. Kuma kowa zai bar takardunsa na asali a wurinsa don a kai wa manya su gani.

Ba mu da dubu goma. Mahaifina ne ya ji labari ya ce shi zai biya.

Mahaifina dillalin shanu ne. Tun yana saurayi yake tsakanin Fulani masu kawowa da mahautan Garwa masu saya, duk mako sai ya je kasuwar Adumri. Bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, kuma bai taɓa jin ya rasa komai ba. A wurinsa ciniki hannu ne da shaidu. In an daidaita a tafa hannu, a ce Allah ya sa albarka, mutum biyu su gani, shi ke nan an gama. Wanda ya nemi takarda bayan an tafa hannu ya kira abokin cinikinsa ɓarawo ke nan. Da aka kwatanta masa aikin mai ofis sai ya gane shi nan take, ko kuma ya ɗauka ya gane shi. Ya ce ai wannan dillali ne irinsu, sai dai shi mutane yake haɗawa da aiki, kuma dillali da la'adarsa yake ci. Ya ɗauki mahauta biyu abokansa, kamar yadda yake yi in zai sayi bijimi, ya sa surukinsa a gaba, suka tafi. Ya ba da kuɗin, suka tafa hannu da mai ofis, maigidana ya miƙa permi da katin shaidarsa. Ba wanda ya yi maganar rasiɗi.

Da suka dawo na tambayi maigidana ina takardar da aka ba su. Ya dube ni kamar na yi saɓo. Ya ce a gaban Baba zai buɗe baki ya nemi takarda, bayan Baba ya tafa hannu?

Dole in faɗi yadda suke, shi da mahaifina, don ba kowa zai gane ba yanzu. Shekara shida da aurenmu, maigidana bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa zama kan tabarma ɗaya da shi ba. In ya hango shi a hanya sai ya cire takalmi ya durƙusa. Mahaifina kuma bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai ya ce malam direba. Ni kuwa sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka Uwata yake ce mini, kuma ina faɗa masa abin da 'yan'uwana maza ba sa iya faɗa.

Mako uku suka wuce, sannan shida. Maigidana yana zuwa ya zauna a bencin nan tare da mutane wajen talatin, har da Kiristoci 'yan dutse da suka sayar da awakinsu suka sauko. Kullum jerin sunaye yana hanya. Ba zan yi wa mai ofis ƙarya ba, akwai mutum biyar ko shida da ya tura da farko kuma aka ɗauke su, da su yake kafa hujja. Daga baya muka ji cewa mota kawai ya sa su zuwa bakin aikin, inda ake ɗaukar lebura a lokacin ba tare da ko sisi ba.

A mako na bakwai wani Alhaji mai motar auduga ya aiko yana neman direba na wata biyu, nasa ya karye a ƙafa. Maigidana ya je karɓo perminsa. Mai ofis ya ce takardu sun riga sun shiga dosiye, dosiye kuwa ba ya buɗuwa sai an cika sauran dubu goman. Ya ƙara da cewa wanda ya janye takardunsa sunansa ya fita daga jeri har abada, kuma duk inda ya je neman aiki a arewa za a san shi mai tayar da rigima ne. Alhajin ya jira kwana biyu ya ɗauki wani. Ba permi ba tuƙi, kuma ba katin shaida ko gadar Binuwai mutum ba ya so ya haye, don jandarmomi suna tare hanya. Maigidana ya zama ba shi da aikin Lagdo, ba shi da ikon neman wani, ba shi da ikon barin gari.

Ranar ya dawo bai ci abinci ba. Na ga hannunsa ya tafi aljihun gaba, inda ledar take zama, ya tsaya, ya sauko. Na ce masa wannan ba daidai ba ne, a bincika ko ma mutumin yana da ikon karɓar kuɗi. Ya ce in bar maganar. Kuɗin Baba ne, hannun Baba ne, in ya ce an cuce su ya ce Baba bai iya ciniki ba ke nan. Gara ya nemi rance ya cika.

Ni na yi makarantar boko har aji shida kafin a cire ni. Faransancina na aji shida ne, ina karantawa a hankali, ina rubutawa da kurakurai. Amma na tuna malaminmu ya taɓa gaya mana akwai ofishin da ma'aikaci yake kai kuka in an hana shi haƙƙinsa, ofishin sufeton ƙwadago. Washegari na ce zan kai ɗinki, na bar yaran wurin maƙwabciya, na yafa mayafi na hau Filato a ƙafa, unguwar ofisoshin gwamnati. Lokacin bazara ne, zafin Garwa na tashi daga ƙasa yana shiga ta takalmi. Sau uku na yi tambaya kafin in samu wurin.

Masinjan bakin ƙofa Bafulatani ne dattijo. Ya tambaye ni a ina nake aiki. Na ce ba na aiki, tambaya na zo yi. Ya ce nan ba a tambaya, ƙara ake kawowa, kuma ma'aikata ke kawowa, in koma in turo mijina. Na ce to zan jira. Na zauna a ƙasan dalbejiya ina kallonsa, shi ma yana kallona, har rana ta take tsaka. Da ya gaji ya ce da Fulatanci matan Hausawa ba su da magani, ya shiga ya faɗa.

Sufeton mutumin kudu ne, gajere, da tabarau, ba ya jin Hausa ko Fulatanci. Na tsara tambayata tun a hanya don kada in rikice, na faɗe ta da Faransanci kamar mai ba da hadda: shin wanda yake nema wa mutum aiki yana da ikon karɓar kuɗi daga hannun mai neman aikin? Ya cire tabarau ya ce a'a. Sannan ya ce in zauna in faɗa masa daga farko.

Abin da ya gaya mini na riƙe shi har yau, don na sa ya maimaita inda ban gane ba, bai kuwa ƙosa ba. Ya ce haɗa mai neman aiki da mai ba da aiki na gwamnati ne, akwai ofishinsa a nan kusa, kuma kyauta ne, har ma'aikacin wurin laifi ne ya karɓi ko goro. Ba a yarda wani ya buɗe shagonsa yana sayar da wannan hidima ba. In kamfani ya aiko mutum ya tattaro masa ma'aikata, sai hukuma ta san da shi, kuma kamfanin ke biyansa, ba masu neman aiki ba. Na ce shi cewa ya yi kuɗin dosiye ne. Ya ce kowane suna aka sa wa kuɗin ɗaya ne. Kuɗin hoto na mai hoto ne, kuɗin tambur, wato kan sarki, na baitulmali ne, kowanne mutum da kansa yake biya a inda ake yi, ba a hannun mai shago ba. Riƙe wa mutum permi da katin shaida kuwa ba wanda yake da wannan iko a kansa.

Na ce to me za mu yi. Ya lissafa mini da yatsunsa. Kada a ƙara ba shi ko dala. A kawo ƙara a rubuce, da ranar da aka biya da adadin da wanda ya karɓa. Shi zai aika wa mutumin sammaci, zai kuma tambayi masu aikin Lagdo ko sun san shi. In laifin ya tabbata zai rubuta rahoto ya aika wa mai gabatar da ƙara. Bai ɓoye mini ba cewa shi ba alƙali ba ne, ba zai iya tilasta a mayar da kuɗi ba, wannan na kotu ne, kuma yana iya daɗewa. Sannan ya tambayi rasiɗi.

Na ce babu.

Ya ce shaidu fa? Sai na ji wani abu kamar dariya ya taso mini. Na ce shaidu kam akwai, mahauta biyu, mahaifina ba ya ba da ko kuɗin akuya ba shaidu. Ya ce sun isa a fara. Amma mai permin shi zai sa hannu a ƙarar da kansa, wanda ya ba da kuɗin kuma ya zo ya faɗa da bakinsa. Mata ba ta kai ƙara a madadin mijinta yana raye yana gari.

Na sauko daga Filato na san amsar tambayata, amma mutum biyun da ake bukata ba wanda zai taka ƙafarsa wurin.

Da mahaifina na fara, don na san in bai motsa ba maigidana ba zai motsa ba. Na same shi da yamma a zaurensa yana tufka igiyar shanu. Da ya ji inda na je sai ya ajiye igiyar. Ya ce shi tun da yake bai taɓa kai ɗan'uwansa dillali gaban hukuma ba, in rigima ta taso wurin sarkin dillalai ake kai ta a kashe. Dokar masu tabarau ba ta san kasuwa ba. Wanda ya yi maka wahala dole ya ci, in an hana la'ada wa zai ƙara haɗa wani da wani? Ya ce kuma abin kunya ne a ce 'yarsa tana yawo a ofisoshi mijinta bai sani ba.

Na bar shi ya gama. Na ce, "Baba, ni ban san kasuwa ba, koya mini. Yaushe dillali yake karɓar la'ada?"

Ya ce in ciniki ya faɗa.

Na ce in Bafulatani ya kawo sa, ba a samu mai saye ba, ya ce zai koma da abinsa, ana riƙe masa igiya sai ya biya?

Ya ce wanda ya yi haka ba zai ƙara shiga kara ba, har jikokinsa.

Na ce to ka taɓa karɓar la'ada a kan mai sayen da ba wanda ya gani?

Ya ɗauki igiyar ya ci gaba da tufka, ya ce, "Uwata, tashi ki tafi gidan mijinki, magariba ta yi." Na tafi ina ganin na ɓata komai.

Washegari da hantsi Baba ya aiko a kira malam direba, su je wurin mai ofis. Ni ma na bi su daga baya, ba wanda ya kira ni, ba wanda ya kore ni. Mahaifina ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. Ya ratsa mutanen da ke kan benci ya shiga shagon, suka gaisa da mai ofis da Fulatanci, gaisuwa mai tsawo, har da tambayar zafi da iyali. Sannan ya ce shi tsohon dillali ne, ya zo ne a matsayin ɗan sana'a. Wata biyu ke nan da tafa hannu. Yana so a kai shi ya ga mai sayen, wato wanda zai ɗauki yaron nan aiki, su gaisa, ya ji daga bakinsa. In Lagdo ne shi zai biya kuɗin mota na su biyu, yau ɗin nan.

Mai ofis ya yi dariya ya ce Baba wannan ba kasuwar shanu ba ce, manyan nan ba a ganinsu haka. Mahaifina ya ce to a faɗa masa sunan ɗaya. Ya ce sirrin aiki ne. To a nuna masa takardar da suka ba shi, ga 'yarsa nan tana karatu. Ya ce tana Yawunde ana sa mata hannu. Mahaifina ya gyaɗa kai. Ya ce to ba mai saye, ba ciniki, a ba yaro takardunsa, kuɗin kuma ya bar masa, ya yafe. 

Da mutumin ya karɓi wannan da maganar ta mutu a nan. Amma mutanen benci suna leƙe, ya san in ya ba ɗaya kowa zai nemi nasa. Ya ce dosiye ba ya buɗuwa sai an cika. Ya ƙara da cewa tsoho ya koma wurin shanunsa.

Mahaifina ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa. A waje ya tsaya, bai dubi surukinsa ba, don ba ya dubansa, ya yi magana yana kallon hanya. "Malam direba, ni na kai ka wurin nan, ni na ɓata. Na ɗauka dillali ne. Ina wurin da Uwata ta je?"

Maigidana yana durƙushe a gefe, kansa a ƙasa. Ban taɓa ganin mutum ya ji kunya da sauƙi a lokaci ɗaya kamar yadda na gani a fuskarsa ba.

Ni na rubuta ƙarar, a takardar da na yage daga littafin awon ɗinkina. Sau uku na sake ta. Mahauta biyun suka raka mu ofishin sufeto, ɗaya da jini a gefen wandonsa don daga mayanka ya taho, yana ta tsokanar masinjan nan cewa yau dai Fulani sun ga ranar da mahauta suka shigo ofis ba a kore su ba. Masinjan ya ce shanunsu suka yi musu arziki, in ba haka ba da wa ya san su. Shi ya yi tafinta. Kowannensu ya faɗi ranar da adadin da hannun da ya karɓa, ba su saɓa ko da kalma ba, aikinsu ke nan tun suna yara. Da aka zo sa hannu maigidana ya ɗauki alƙalami. Ya tambaya a hankali ko gaskiya ne sunansa zai ɓaci a duk arewa. Sufeto ya ce ba zai yi masa alkawarin aiki ba, amma mutumin nan ba shi da wani jeri da zai cire shi daga ciki. Ya sa hannu, irin sa hannun da ya koya don permi.

Kwana takwas aka sa kafin ranar sammaci. A cikinsu mai ofis ya aiko har gida, ya ce a zo a daidaita: zai ba da permi, zai sa sunan maigidana a farkon jeri, in dai an je an ce kuɗin nan goro ne Baba ya ba shi don jin daɗi. Maigidana ya gaya mini da dare, muna zaune a tsakar gida ina yanke yadi. Na san yana so. Wata bakwai ba aiki ba ƙaramin abu ba ne. Na ce masa permin nasa ne, ƙarar tasa ce, ni ba zan hana shi ba, amma ba zan rubuta takardar janyewa ba, ya nemi wani ya rubuta. Ya dubi almakashin hannuna. Ya ce ai duk Yelwa ba mai rubutu mummuna kamar nawa, sufeto zai gane ba ni ba ce. Bai je ba.

Ranar sammaci mai ofis ya zo da kwat da jakar hannu. Ya yi Faransanci mai yawa wanda rabinsa ya wuce ni. Abin da na kama shi ne bai karɓi kuɗin kowa ba, kyauta ce irin ta mutanen arewa, wadda baƙo daga kudu ba zai gane ba. Sufeto ya sa masinja ya tambayi mahaifina ko kyauta ya bayar.

Mahaifina ya ce, "Gaya masa goro ba a kai masa shaidu. La'ada na bayar, a gaban mutum biyu, kan cinikin da bai faɗa ba. Kuskurena ne da na ba da ita kafin lokaci. Amma ba kyauta ba ce."

Sufeto ya buɗe wata takarda ya karanta. Masu aikin Lagdo sun amsa cewa ba su san mutumin ba, ba su aiki kowa ba. Ya nemi izininsa na ɗaukar ma'aikata, babu. Ya ce masa rahoto zai tafi gaba ko da me ya faru, amma takardun mutane da ke hannunsa gara ya ajiye su a kan teburin nan yanzu, da a ce 'yan sanda su je su ɗauko. Mutumin ya buɗe jakar. Ba permin maigidana kaɗai ya fito ba, wani ƙunshi ne ɗaure da roba, katunan shaida da takardun haihuwa da permi uku. Sufeto ya zaro namu, ya duba hoton, ya dubi maigidana, ya miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu. Ledar ta ɓace, kusurwa ɗaya ta lanƙwashe. Ya tsaya a nan gaban kowa yana miƙar da ita da babban yatsa.

Kuɗin bai dawo ba. Kafin maganar ta kai kotu shagon ya rufe, aka ce an ga mutumin a Marwa, aka ce a'a ya haye iyaka. Mahaifina bai ƙara ambatar kuɗin ba har ya rasu. Masu takardu suka riƙa hawa Filato ɗaya bayan ɗaya suna karɓar nasu. Wasu sun gode mana. Da yawa kuwa sun ce mu muka kore shi ana saura kaɗan jeri ya fito, mun sa sun yi asarar kuɗinsu. Mata biyu a layinmu sun daina kawo mini ɗinki, ɗaya har ta rasu ba ta ƙara amsa gaisuwata da kyau ba. Ban ba kowa haƙuri ba. Har yau da nake rubutun nan ban ga abin da zan ba da haƙuri a kai ba.

Daga ofishin sufeto, ranar nan, masinjan ya raka maigidana ofishin masu neman aiki, ƙofa uku tsakani. Aka rubuta sunansa da irin motar da yake tuƙawa, aka ba shi ɗan kati. Ya sa hannu a aljihu bisa sabo, ma'aikacin ya girgiza masa kai. Bai samu aiki nan da nan ba, ya ƙara 'yan watanni yana tuƙin wucin gadi ga duk wanda direbansa ya kwanta, abin da sai da permi a hannu. Da damina ta ɗauke aka kira direbobi, ya shiga ciki. Shekara uku yana jigilar dutse a Lagdo, yana zuwa gida duk mako biyu da busasshen kifi a kwali.

Ya sayi sabuwar leda. Amma tun daga ranar nan, in ya dawo daga tafiya, kafin ya sha ruwa sai ya ciro permin ya miƙo mini ya ce, "Sufeto, a ajiye." In zai fita ya tsaya a bakin ƙofa ya ce a ba shi dosiyensa in an gama bincike. Haka muka yi har ya bar tuƙi saboda ido. Ranar da ya ajiye mota ta ƙarshe ya miƙo mini kamar kullum, bai sake nema ba. Yana cikin akwatin keken ɗinkina, ƙarƙashin zare, kusurwar nan har yanzu ba ta miƙe ba.